Tattalin Gida: Biyu Cikin Ɗari a Wata, Nawa Ke Nan Ranar Biya?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da wuya a sami gida a cikinmu wanda bai taɓa neman rance ba, ko don jarin ƴar sana'a, ko don kuɗin makarantar yara, ko don magani. Hukuncin riba a addininmu sananne ne, malamai sun yi bayaninsa a kan mumbari, ba kuwa za mu maimaita shi a wannan fili ba. Abin da muka ɗauko yau shi ne lissafi, domin sau da yawa wanda larura ta kai shi ga sa hannu a takardar bashi bai san nauyin abin da ya ɗauka ba. An gaya masa "biyu cikin ɗari ne kawai a wata", ya ji abin kaɗan ne, ya amince. To, wannan biyu cikin ɗari tana da fuska biyu, kuma tsakaninsu akwai tazara mai yawa.

Bari mu buga misali da wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ta nemi lamuni na jika 100, wato sefa 100.000, a wata ƙaramar cibiyar ba da bashi. An ce za ta biya cikin wata 10, ruwa kuwa 2 cikin ɗari a kowane wata. Jika 100 ɗin nan ita ake kira uwar kuɗi, kuma za ta riƙa mayar da jika 10 daga cikinta duk ƙarshen wata. Tambayar da ta kamata ta yi tun kafin ta ɗauki alƙalami ita ce: a kan wane kuɗi za a lissafa ruwan?

Hanya ta farko ita ce a lissafa shi a kan abin da ya saura a kanta. A watan farko jika 100 ke hannunta, ruwansu sefa 2.000. Da ta mayar da jika 10, saura 90, ruwan wata na biyu ya zama 1.800. Wata na uku 1.600, haka zai yi ta sauka da 200 a kowane wata, har watan ƙarshe da jika 10 kaɗai suka rage, ruwansu 200. Idan aka tara duka, ruwan wata goma ya kama jika 11. Ta karɓi 100, ta biya 111.

Hanya ta biyu ita ce a lissafa shi a kan uwar kuɗi ta ranar farko, ba tare da duban abin da aka riga aka mayar ba. A nan ruwan ba ya motsi: 2.000 a watan farko, 2.000 a watan ƙarshe. Kowane wata za ta kai jika 12, goma ta uwar kuɗi, biyu ta ruwa. Jimilla ta biya 120. Duka hanyoyin biyu sunansu "biyu cikin ɗari a wata", amma ta biyu ta ɗara ta farko da jika 9, ruwan ya kusa ninkawa ke nan.

Ina wannan ƙari ya fito? Daga biyan ruwa a kan kuɗin da ba ya hannunta. Mu dubi watan goma: jika 10 kawai ake binta, amma ta biya ruwan 2.000, wanda shi ne 20 cikin ɗari na abin da ya saura. Wata ɗaya tak ta riƙe jika 100 cikakku. Idan muka tara abin da ke kanta a watanni goman, 100 da 90 da 80 har zuwa 10, muka raba gida goma, za mu ga tsaka-tsakin abin da ta riƙe jika 55 ne. Wanda ya biya 2.000 a wata a kan jika 55 kuwa, ruwansa ya kai wajen 3 da rabi cikin ɗari a wata, wanda ya zarce 40 cikin ɗari a shekara. Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk bashin da ake biya kashi-kashi, alhali ruwansa a tsaye yake a kan uwar kuɗi ta farko, ruwansa na gaskiya ya kusa ninkin wanda aka ambata.

Gane hanyar da aka bi ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. A nemi jadawalin biya, wato takardar da ta jera watanni da abin da za a biya a kowane. A dubi layin ruwa. In yana raguwa wata bayan wata, hanya ta farko ce. In adadi ɗaya ne daga sama har ƙasa, ta biyu ce. A lura da cewa daidaituwar jimillar biyan wata ba hujja ba ce ita kaɗai, domin akwai tsarin da ake biyan adadi ɗaya kowane wata, amma a cikinsa rabon ruwa yana raguwa, rabon uwar kuɗi yana ƙaruwa. Layin ruwan shi ne shaida.

Lissafi bai ƙare a nan ba, domin akwai kuɗaɗen da ba a kiransu ruwa, amma daga aljihu ɗaya suke fita. A ce ranar karɓar kuɗi an cire wa baiwar Allah nan jika 2 kuɗin takardu, da jika 1 kuɗin inshora. Sannan aka ce dole ta bar jika 10 ajiya a cibiyar a matsayin jingina, sai ta gama biya za a mayar mata. Abin da ta ƙirga a tafin hannunta jika 87 ne, amma ruwan yana tafiya a kan 100. Za ta biya jika 120 cikin wata goma, a mayar mata da jika 10 nata. Abin da ya fita bai dawo ba shi ne jika 20 na ruwa da jika 3 na takardu da inshora, jimilla 23, wato 2.300 a kowane wata. Tsaka-tsakin abin da take juyawa kuwa ya sauka daga jika 55 zuwa wajen 45, tun da goma suna kulle. Sefa 2.300 a kan jika 45 sun kai wajen 5 cikin ɗari a wata, kusan 60 a shekara. Daga biyu aka fara magana, ga shi an ƙare a biyar, kuma babu wanda ya canza ko harafi ɗaya a takarda.

Hukumomi sun san da wannan, shi ya sa a ƙasashenmu na yammacin Afirka masu amfani da sefa, ƙarƙashin babban bankin BCEAO, doka ba ta tsaya ga ruwan da aka ambata da baki ba. Ma'aunin da take dubawa shi ne wanda ake rubutawa TEG a takardun faransanci, wato ruwa na haƙiƙa a shekara, wanda ya haɗa ruwan da kuɗin takardu da sauran ladan da aka ɗora wa bashin. Doka ta wajabta a rubuta shi a yarjejeniya. A shekarar 2014 aka sauke iyakarsa ga ƙananan cibiyoyin tsimi da lamuni daga 27 zuwa 24 cikin ɗari a shekara. Mai karatu zai lura cewa 2 a wata sau 12 shi ne 24 cif. Ma'ana, biyu cikin ɗari a wata ba ta shiga cikin wannan iyaka sai in an lissafa ta a kan abin da ya saura, kuma ba a ƙara mata komai ba. Bashi irin na misalinmu ya ƙetare ta nesa. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa takarda, ya nemi haruffan nan uku, in bai gan su ba ya tambaya.

Wannan duk a inda akwai takarda ke nan. A bakin kasuwa, inda ake cewa "karɓi jika 10, ka kawo 11 ranar kasuwa mai zuwa", abin ya fi muni, ko da yake jika ɗaya ba ta tsorata kowa. Wannan 10 cikin ɗari ne a mako. Wanda ya kasa haɗa uwar kuɗi, ya riƙa kai jika ɗayar nan kowane mako, a shekara zai biya jika 52, kuma jika 10 na nan a kansa ba su ragu ba. In kuwa ya kasa kai ko ita, aka riƙa ɗora ta a kan uwar kuɗi, sai ruwa ya fara haihuwar ruwa: 10.000 ta zama 11.000, ta zama 12.100, ta zama 13.310, kuma a mako na takwas ta wuce 21.000. Cikin wata biyu bashin ya ninka. Don haka adadin ruwa ba ya da ma'ana sai an san tsawon lokacinsa, da abin da zai faru in an yi jinkiri.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu game da cinikin bashi, wanda da yawanmu muke komawa gare shi don kauce wa riba. In an sayar wa mutum keken ɗinki da ake samu jika 100 hannu da hannu a kan jika 120, biya cikin wata goma, hukuncinsa daban ne, tun da ciniki ne a kan kaya, farashi ya yanke tun farko kuma ba ya ƙaruwa da jinkiri. Amma nauyinsa a kan aljihu jika 12 ne a wata, daidai da na misalinmu. Halascin ciniki ba ya ɗauke wa mai saye wajibcin yin lissafi da neman ragi, da tambayar kansa ko keken zai kawo jika 12 a wata bayan an ci an sha.

Kafin a sa hannu, a ɗauki takarda da alƙalami a rubuta abu uku. Na farko, nawa zai shigo hannuna yau bayan an cire duk abin da za a cire? Na biyu, nawa zai fita daga hannuna tun daga yau har ranar ƙarshe, da kuma tarar jinkiri in ta faɗo? Na uku, cikin wata nawa? A cire na farko daga na biyu, a cire kuma ajiyar da za a mayar in akwai ta, abin da ya rage shi ne farashin bashin na gaskiya. A raba shi da yawan watanni, a gwada shi da ribar da sana'a ke kawowa a wata. In ribar mai man gyaɗa daga wannan jari ba ta wuce 2.300 ba, to wata goma ta yi tana yi wa wani aiki. Wanda bai iya karatun faransanci ba ya tafi da ɗansa ko ƙanensa ɗan makaranta, ko ya nemi a ba shi takardar ya kwana da ita. Mai ba da bashin da ya ƙi a duba takardarsa ya riga ya ba da amsa, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya warware wa masu bashi, ya wadatar da mu da halas ɗinsa, ya sa albarka a cikin ɗan abin da ke hannunmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.