Biyan mafi ƙaranci a katin bashi: naira 300,000 da za ta ci shekara bakwai



Akwai layi ɗaya a takardar lissafin katin bashi da muke ganin ya fi kowane layi cutar da ma'aikatanmu. A saƙon banki ana rubuta shi Minimum Payment ko Minimum Amount Due, wato mafi ƙarancin abin da za ka biya a wannan watan. Masu tallar katin da ke bin ofisoshi a sakatariya suna nuna shi kamar rangwame ne: kashe yanzu, biya kaɗan-kaɗan. Mu kuwa muna cewa wannan “kaɗan-kaɗan” ɗin shi ne ainihin hajar da suke sayarwa, kuma ba sa faɗin farashinta.

Ba katin ATM da yawancinmu ke riƙewa muke nufi ba, wanda kuɗinka yake cirewa daga asusunka. Muna maganar katin da banki ke bai wa mai albashi ya kashe kuɗin banki, sannan a ɗora masa kuɗin ruwa a kan duk abin da bai biya ba zuwa ranar da aka yanka masa.

Mu yi lissafin tare. Alƙaluman nan misali ne muka ɗauka, kowa ya sa na takardarsa a madadinsu. Ma'aikaci a Karewa ya biya kuɗin makarantar yara, ya yi cefanen Sallah a babbar kasuwar Jimeta, bashin katinsa ya kai naira 300,000. Kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari ne a wata. Mafi ƙarancin biya kashi 5 cikin ɗari na abin da ake binsa, amma ba zai gaza naira 5,000 ba.

A wata na farko an ɗora masa ruwan 9,000, bashi ya zama 309,000. Kashi 5 na wannan shi ne 15,450. Ya biya, hankalinsa ya kwanta. Amma a cikin kuɗin nan 9,000 ruwa ya cinye, 6,450 kaɗai ta taɓa uwar kuɗi. Saura 293,550.

A wata na biyu ne tarkon yake. Tunda bashi ya ɗan ragu, mafi ƙarancin biya shi ma ya ragu. Mutum yana ganin adadin na sauka sai ya ɗauka sauƙi ne ya zo, alhali abin da ke rage uwar kuɗin ne yake ƙanƙancewa. Bayan shekara guda ya biya kusan 165,000, kuma har yanzu ana binsa wajen 231,000. Sai ya yi wata 32 kafin bashin ya koma rabi. Idan bai ƙara sayen ko ashana da katin ba, bai kuma makara ko sau ɗaya ba, zai gama a wata na 82, wato shekara shida da wata goma. Jimillar abin da zai biya kusan 634,000 ne. Ruwan da ya biya ya fi abin da ya ranta. Yaron da aka biya wa kuɗin aji ɗaya na sakandare ya gama makarantar, uban na nan yana biyan kuɗin zangonsa na farko.

Kuma sharaɗin 5,000 ɗin nan ne ma ya taƙaita wahalar. Da babu shi, sai an yi shekara 13 kafin bashin ya sauko ƙasa da 10,000. Sannan idan mutumin nan yana ƙara kashe 6,450 a wata da katin, kuɗin da ko lita goma ta fetur ba zai saya ba, bashin ba zai motsa daga 300,000 ba har ya yi ritaya.

Yanzu mu canza abu ɗaya tak. A ce ya riƙe 15,450 ɗin da ya biya a watan farko, ya ci gaba da biyanta kowane wata ba tare da kula da sabon adadin da banki ya turo ba. Zai gama a wata 30, ruwan kuma kusan 157,000 maimakon 334,000. Bai ƙara ko kwabo a kan abin da ya riga ya iya biya ba, amma ya ceto shekara huɗu da 'yan watanni. Idan ya daure ya biya 30,000 a wata, shekara ɗaya ce da ɗan ragowa a wata na 13, ruwan kuma kusan 62,000.

Za a ce mana ai babu wanda aka tilasta, kuma komai na cikin takardar da aka sa wa hannu. Gaskiya ne kason ruwa na ciki. Amma wane mai talla ne ya taɓa zama da malamin firamare a Doubeli ya ce masa shekara bakwai zai yi? Kashi 3 a wata a kunne ƙarami ne. Ana faɗinsa da wata ne domin kada a ji cewa ya kai kashi 36 a shekara tun kafin ruwa ya hau kan ruwa.

Wasu kuma za su ce hauhawar farashi na rage nauyin bashi, naira ta bana ba ta baɗi ba ce. Wannan ya shafi wanda kuɗin shigarsa ke tashi tare da farashi. Mafi ƙarancin albashi ya zauna a 30,000 tun 2019, sai a 2024 ya koma 70,000. Ruwan kati kuwa kowane wata yake hawa.

Mun yarda mafi ƙarancin biya yana da amfani ɗaya. A watan da aka matsu, yana hana tarar makara, yana kuma hana sunan mutum ɓaci a hukumomin adana tarihin bashi irin su CRC. To a bar shi na watan matsi ɗin, kada ya zama tsarin kowane wata.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. A Amurka dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta a rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da biyan mafi ƙaranci zai ɗauka, da jimillar kuɗin, da abin da mutum zai biya ya gama a wata 36. A Birtaniya tun 2018 dole kamfanin kati ya tuntuɓi wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da uwar kuɗi. Muna kira ga Babban Bankin Najeriya, wanda ke da reshe a nan Yola, ya sa bankunanmu su riƙa nuna wannan lissafi baro-baro a takarda da saƙon waya. Bankin da ya iya lissafa ruwa har kwabo ba zai kasa lissafa shekaru ba.

Kafin nan, aikin namu ne. Hukuncin kuɗin ruwa a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, don haka wanda bai karɓi katin ba, ya nemi adashe ko ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata. Wanda ya riga ya shiga, ya ɗauko takardar watan jiya ya cire ruwa da caji daga abin da ya biya. Ragowar ita kaɗai ce ta rage bashinsa. Idan ba ta kai rabin abin da ya biya ba, yana cikin ramin da muka bayyana. Ya daina amfani da katin, musamman cire tsabar kuɗi, wanda galibi ruwansa daga ranar yake farawa. Idan banki ne ke zarar mafi ƙaranci kai tsaye daga albashi, ya je reshe ya nemi a rubuce a mayar da shi tsayayyen adadi, ko ya riƙa ƙara cikon da kansa ranar da albashi ya shigo.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Duk wanda lissafin ya rikice masa ya zo da takardarsa taronmu na gaba, mu zauna da biro da kalkuleta mu fitar masa da watan da zai gama. Allah ya raba mu da ƙangin bashi, amin.