Susar da ba ta ƙarewa

Makon jiya na je gaida baffana a wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Dambatta, na tarar da shi a gindin darbejiya yana kartar bayansa da totuwar masara. Wata huɗu ke nan, in ji 'ya'yansa, ba ya barcin kirki. Na ɗaga rigarsa na duba, babu ƙurji ko ɗaya sai sawun farce. Ba wanda ke susa a gidan sai shi, ka ga ba ƙazuwa ba ce.

"Baffa, me kuke sha?"

Ya miƙo min leda: firiton, jiƙon sanyi, da dikulofinak ɗin da wani mai kemis ke ba shi duk ranar da ya dawo daga gona da ciwon gwiwa.

Na yarda, yawancin ƙaiƙayin tsofaffi bushewar fata ce, musamman da hunturu, kuma rage soso da ruwan zafi, a shafa man kaɗe kafin jiki ya bushe, yakan wadatar. Amma Baffa a damina ya fara nasa. Ƙafafunsa sun kumbura, fitsarinsa yana kumfa, abinci ya fita kansa, ga hawan jinin da ya daina shan maganinsa tun bara. Da muka kai shi Kano aka ɗibi jini, kiriyatinin ɗinsa ya ninka na mai lafiya sau biyar. Ƙoda ta gaza tace dattin jini, dattin ne yake cin sa ta ciki. Dikulofinak kuwa ƙara mata rauni yake. Firiton ɗin ma ba ya taɓa irin wannan ƙaiƙayi, sai dai ya sa tsoho jiri, ko ya riƙe masa fitsari.

Na sha faɗa a wannan fili, mai sayar da maganin da bai tambayi shekarun mutum ba, bai auna jininsa ba, ɗan kasuwa ne kawai. Muna jin yadda ciwon ƙoda ke cin mutanen Haɗeja da Gashuwa, amma muna zuba wa iyayenmu ƙwayoyin ciwon jiki kamar gyaɗa. Mu 'ya'yan birni da ke aiko kuɗin kemis ta waya mun fi shi laifi.

Ba ƙoda kaɗai ba. In hanta ce, ruwan matsarmama ya kasa wucewa, susar takan fi tsanani a tafin hannu da na ƙafa cikin dare, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, wani lokaci tun kafin shawara ta fito a ido. In tayirod ce ta wuya, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, za ka ga rama da gumi da bugun zuciya in ta yi yawan aiki, ko jin sanyi da kasala in ta gaza.

In susa ta wuce mako 6 babu ƙurji, a nemi gwajin ƙoda, hanta, tayirod, suga da ƙarancin jini. Baffa yanzu yana layin ganin likitan ƙoda, ledar kuma tana cikin motata.