Kalmar sirri ɗaya, hannu goma: wa ya taɓa suwic ɗin Kebbe?

A kowane ofishi mai kwamfutoci da yawa akwai wani akwatin ƙarfe da kebul-kebul ɗin ginin ke haɗuwa a jikinsa. Shi ne suwic, kuma shi ke raba hanya tsakanin na'urori: wannan ta ga sabar albashi, waccan kada ta gani. Wanda ya iya shiga cikinsa a matsayin mai gudanarwa zai iya toshe wa sashe guda hanya, ko ya kwafi bayanan da ke wucewa ta wata ƙofa zuwa kwamfutarsa. Duk da haka, al'adar da aka saba da ita ita ce a saka suna ɗaya, galibi `admin`, da kalmar sirri ɗaya a kan dukkan suwic-suwic, sannan a raba wa duk mai buƙata.

Ra'ayina shi ne a daina wannan, a mayar da tantance masu shiga ga saba guda ta hanyar RADIUS ko TACACS+. Amma irin tsarin da ake kwafowa daga littafi, wanda ya ɗauka layin sadarwa ba ya yankewa, zai iya kulle ma'aikaci a waje a ranar da ya fi buƙatar shiga. Tambuwal da Kebbe su ne ma'aunin da ya dace a gwada maganar da shi.

Abin da kalmar haɗaka ke ɓoyewa

Mu ƙaddara wata ma'aikata mai hedikwata a Sakkwato da rassa biyu a kudu. Tana da suwic 12: shida a Sakkwato, huɗu a Tambuwal, biyu a Kebbe. Injiniyoyinta huɗu ne, sai ɗan kwangilar da ya ja kebul bara, sai ɗan bautar ƙasa da ya gama ya tafi. Mutum shida ke nan da suka san kalmar, biyu daga cikinsu ba sa tare da ma'aikatar.

Wata ranar Talata da dare aka sauya VLAN na wata ƙofa a suwic ɗin Kebbe, da safe kwamfutar akanta ta kasa ganin saba. Ko da an kunna rajistar na'urar, abin da za ta nuna shi ne `admin` ya yi sauyi. Waye `admin`? Kowa ne, don haka ba kowa ba ne. Ba a iya tuhumar wanda ya yi, kuma ba a iya wanke waɗanda ba su yi ba. Wannan na biyun shi ne abin da ake mantawa: kalmar haɗaka tana cutar ma'aikaci mai gaskiya fiye da kowa, domin ba shi da shaidar da zai kare kansa da ita.

Sai batun sallama. Don a cire mutum ɗaya, dole a sauya kalma a na'ura 12, a sanar da sauran. Aikin da ke buƙatar shiga sau 12 yakan zama aikin gobe, gobe kuma ba ta zuwa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsaro da suka dace. Da wuya ma'aikatar da tsohon ɗan kwangilarta ke da mabuɗin hanyarta ta ce ta sauke wannan nauyi.

Yadda tantancewa daga cibiya take

A sabon tsari, suwic ba ya ajiye sunayen ma'aikata. Idan injiniya ya rubuta sunansa da kalmarsa, suwic yana tura tambaya ga saba, saba ta amsa da i ko a'a. Kowa da sunansa, kuma cire mutum aiki ne na wuri ɗaya.

Yarukan da ake wannan tambaya da su biyu ne. RADIUS ya samo asali daga kamfanin Livingston a farkon shekarun 1990, don tantance masu shiga intanet ta layin tarho. Yana tafiya ta UDP, a ƙofa ta 1812 don tantancewa da ta 1813 don rajista. Kalmar sirri kaɗai yake lulluɓewa, kuma a amsa ɗaya yake haɗa izinin shiga da matsayin da mutum zai samu. TACACS+ kuwa na Cisco ne, yana tafiya ta TCP a ƙofa ta 49, an kuma wallafa bayaninsa a matsayin RFC 8907 a 2020. Fifikonsa shi ne ya raba tambayoyi uku: waye kai, me aka yarje maka, me ka aikata. Saboda haka yana iya tambayar saba kan kowane umarni ɗaya bayan ɗaya, ya kuma rubuta kowane umarni da sunan wanda ya buga shi.

Ga mai gudanar da suwic, wannan rajistar umarni ita ce riba mafi girma, shi ya sa na fifita TACACS+ inda na'urori suka san shi. Inda aka tara na'urorin kamfanoni daban-daban, RADIUS ya fi samun karɓuwa, kuma manhajar FreeRADIUS kyauta ce.

Ranar da layi ya yanke

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa ke kawowa ita ce: idan sabar tana Sakkwato, layi ya yanke, yaya za a shiga? Ba tambayar raini ba ce. Tambuwal tana kan babban titin Sakkwato zuwa Jega, amma a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, tana cikin waɗanda abin ya shafa. Duk reshen da ke dogara da layin salula don isa hedikwata, a irin wannan yanayi ya rabu da sabarsa, ba na awa ɗaya ba. Kebbe kuwa ta fi nisa daga babban titi, zuwan injiniya can ba abin yanzu-yanzu ba ne.

Amsar tana cikin kalma ɗaya a ƙarshen layi. Ga yadda yake a suwic na Cisco:

```
aaa new-model
username gaggawa privilege 15 secret <kalma>
aaa authentication login default group CIBIYA local
aaa authorization exec default group CIBIYA local
aaa accounting commands 15 default start-stop group CIBIYA
```

`CIBIYA` sunan rukunin sabobin ne, wanda ake bayyanawa daban tare da adireshinsu da mabuɗinsu. Kalmar `local` tana nufin: idan ba a samu saba ba, a koma ga asusun da ke cikin na'urar, wato `gaggawa`. A nan akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe. Idan saba ta amsa da a'a, magana ta ƙare, suwic ba zai duba `local` ba. Sai idan saba ta yi shiru ne kawai yake komawa can. Ma'ana, muddin layi na aiki kuma babu wannan suna a saba, kalmar gaggawa ba ta buɗe komai, ko da wani ya sace ta.

Sai dai kalmar gaggawa ita ma za ta koma kalmar haɗaka idan aka yi sakaci. Ya kamata kowane suwic ya sami tasa daban, a rubuta, a rufe a ambulan a hannun shugaban reshe, a sauya ta duk lokacin da aka buɗe ambulan ɗin. Ta haka, abin da ya fita a Kebbe ba zai buɗe Tambuwal ba.

Tarko uku

Na farko shi ne jira. Suwic na Cisco yakan jira daƙiƙa biyar kafin ya haƙura da sabar TACACS+. Idan sabobi biyu ne kuma duka suna Sakkwato, aƙalla daƙiƙa goma ke nan kafin a shiga. Wannan ba komai ba ne. Amma idan an kunna neman izini kan kowane umarni, ma'aikacin da ya shiga ta SSH a Kebbe zai iya yin wannan jiran a kan kowane layi da ya buga. Gyaran da ke da umarni 30 ya zama minti biyar na jira zalla. Shawarata ita ce a rassa masu raunin layi a fara da tantancewa da rajista kawai, a bar izinin umarni-umarni sai an ajiye saba ta biyu a kusa. Ƙaramar kwamfuta a Tambuwal, mai batiri da sola, ta isa wannan aiki.

Na biyu shi ne mabuɗin da suwic da saba ke rabawa. Idan aka yi kuskuren harafi ɗaya, ba za su fahimci juna ba, sai suwic ya riƙa komawa `local` a ɓoye. Alamar ita ce: sunayen ma'aikata ba sa shiga, amma `gaggawa` na shiga alhali layi lafiya lau. Kafin a rufe zaman da aka yi sauyin a cikinsa, a gwada:

```
test aaa group CIBIYA <suna> <kalma> legacy
show tacacs
```

Sannan a buɗe zama na biyu a shiga da sabon suna, kafin a adana sauyin. A kuma gwada akasin haka da gangan: a toshe hanyar saba, a tabbatar `gaggawa` na aiki. Ba a ranar gobara ake gwada guga ba.

Na uku shi ne giɓin rajista. Umarnin da aka buga lokacin da layi ke yanke ba ya isa saba. Don haka a shiga `archive`, sannan `log config`, a kunna `logging enable` a cikin suwic ɗin kansa, a kuma daidaita agogonsa da NTP, domin rajistar da ke ɗauke da kwanan wata na ƙarya ba shaida ba ce.

Farashin tara ƙwai a kwando ɗaya

Gaskiya ne cewa cibiya takan zama abin hari. A Yulin 2024 masu bincike suka bayyana raunin da suka kira Blast-RADIUS, inda wanda ya tsaya a tsakanin suwic da saba zai iya mayar da a'a ta zama i, saboda tsufan lissafin MD5 da tsarin ya dogara da shi. Maganin gaggawa shi ne sabunta manhaja da tilasta amfani da `Message-Authenticator`. A Fabrairun 2025 kuma, sashen bincike na Cisco Talos ya ba da rahoton cewa gungun Salt Typhoon, da ya kutsa kamfanonin sadarwar Amurka, ya riƙa shiga na'urori da sunaye da kalmomin sirri na gaske da ya sato, yana kuma ƙoƙarin naɗar zirga-zirgar TACACS da RADIUS don samun mabuɗai. Lulluɓin TACACS+ ma a kan MD5 aka gina shi, kuma RFC 8907 da kansa bai ɗauke shi a matsayin cikakken ɓoyo ba.

Darasin shi ne kada wannan zirga-zirga ta bi intanet tsirara tsakanin Kebbe da Sakkwato. A saka ta cikin VPN, a ba kowane reshe mabuɗinsa mai tsawo, a kuma keɓe hanyar gudanarwa daga ta sauran ma'aikata. Waɗannan haɗurra sanannu ne, ana iya auna su a toshe. Haɗarin kalmar haɗaka kuwa ba ya aunuwa, domin babu wanda ya san adadin wayoyin da take ciki.

Shagon da ke da suwic ɗaya da ma'aikaci ɗaya ba ya buƙatar duk wannan. Amma da zarar masu shiga sun kai uku, ko na'urori sun bazu a gari fiye da ɗaya, lissafin ya sauya. Shugaban ma'aikata ba sai ya iya buga umarni ba kafin ya gane inda yake. Ya tambayi sashen fasaha abu biyu: idan aka sallami mutum yau, na'ura nawa za a shiga kafin a cire shi? Kuma idan layin Kebbe ya yanke mako guda, wa ke riƙe da ambulan? Amsar farko ya kamata ta zama ɗaya. Ta biyu kuma ya kamata ta zama sunan mutum.