“Kowa ya biya daidai”: daidai da aljihun wa?

Duk sa'ad da aka taso da zancen lanho a fada, sai wani ya ce adalci shi ne kowa ya biya daidai. Ni ban yarda ba. Matasa, ku zo mu yi lissafi.

Mu ɗauki mutum uku a misali. Ɗan kabu-kabu na samun jika 50 a wata, ma'aikaci jika 200, babban ɗan kasuwa jika 2,000, wato miliyan 2.

Hanya ta farko, a ce kowa ya kawo jika 5. Ɗan kabu-kabu ya ba da kashi 10 cikin 100 na samunsa, ma'aikaci kashi 2 da rabi, ɗan kasuwa kuwa ko rabin kashi 1 bai kai ba. Wannan shi ne harajin da ke ƙara nauyi yayin da samu ke raguwa.

Ta biyu, kowa ya ba da kashi 10: jika 5, jika 20, jika 200. A takarda ya yi kyau. Amma jika 5 ɗin ɗan kabu-kabu daga tukunyar gidansa aka kwashe su, shi kuwa mai miliyan 2 ya kwana da jika 1,800.

Ta uku, haraji mai hawa-hawa. A ce jika 50 na farko ba a taɓa su, daga nan zuwa jika 200 a cire kashi 10, abin da ya haura a cire kashi 30. Ɗan kabu-kabu ba ya biyan ko dala. Ma'aikaci ya biya jika 15. Ɗan kasuwa ya biya 15, da 540 a kan 1,800 da suka haura, jimla 555. Ku lura, kashi 30 ba ya hawa kan kuɗin duka, sai kan abin da ya wuce matakin. Don haka mai cewa ƙarin albashi zai ja masa asara, bai gane lissafin ba.

To, ina muke a Nijar? Harajin albashi mai hawa-hawa ne. Amma TVA, kashi 19 cikin 100, ba ta tambayar samunka. Ɗan kabu-kabun da ya sayi kayan da ake ɗora mata na jika 25 ya biya kusan jika 4, kashi 8 na samunsa. Ɗan kasuwa ya sayi na jika 250, ya biya kusan 40, kashi 2 kacal. Sunanta “daidai”, amma aikinta na hanya ta farko ne.

Za a ce TVA ta fi sauƙin karɓa, manya kuma sun iya ɓoye samu. Gaskiya ne. Sai dai wannan dalili ne na bin sawun mai ɓoyewa, ba na ƙara wa jaki kaya don raƙumi ya ƙi durƙusawa ba.

In aka zo muku da sabon haraji, kada ku tsaya ga “nawa ne?” Ku tambaya: kashi nawa ne na samun wa?