Kada A Miƙa Wa Ɗalibi Dokar Jimla Ba Tare Da Hujjarta Ba

Duk ɗalibin kimiyya da ya shiga shekarar farko a jami'a, ko nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil ko wata, sai ya haɗu da darasin kalkulas, kuma tun a makonnin farko za a jero masa dokokin iyaka a kan allo. Ta farkonsu ita ce dokar jimla, wadda ta ce iyakar jimlar abubuwa biyu daidai take da jimlar iyakokinsu. Dokar tana da sauƙin shiga kai, har ma mutum ya ga kamar ba ta bukatar hujja, don haka sau da yawa akan haddace ta a wuce. Ra'ayina shi ne wannan wucewar asara ce, kuma ya kamata kowane ɗalibin kimiyya, har da namu na ilmin halittu, ya tabbatar da wannan doka da hannunsa daga ta'arifin efsilon da delta, ko da sau ɗaya ne.

Bari mu fara da ta'arifin kansa. Fankishin, watau f, ƙa'ida ce da za ka ba ta lamba x ta mayar maka da wata lamba f(x). Idan muka ce iyakar f(x) ita ce L yayin da x ke kusantar a, alkawari ne muka ɗauka. Alkawarin kuwa shi ne: kowace tazara aka gindaya mana, komai ƙanƙantarta, za mu iya tsare f(x) a cikin wannan tazara daga L, muddin an matso da x kusa da a gwargwadon yadda za mu faɗa. Tazarar da aka gindaya mana ita ce efsilon (ε), wadda za mu faɗa kuwa ita ce delta (δ). A rubuce: ga kowace ε > 0 akwai δ > 0 ta yadda

idan 0 < |x − a| < δ, to |f(x) − L| < ε.

Sandunan nan biyu suna nufin nisan da ke tsakanin lambobin, ba tare da kula da wadda ta fi girma ba. Mai karatu ya lura da tsarin: efsilon ake fara ba mu, sannan mu nemo delta. Ba mu da ikon zaɓen efsilon, kamar yadda ɗan dako ba shi yake zaɓen nauyin kaya ba.

Yanzu ga abin da muke son tabbatarwa. An ba mu cewa iyakar f ita ce L, iyakar g kuma ita ce M, duka a wuri guda a. Muna so mu nuna iyakar f + g ita ce L + M. Kafin lissafi, mu leƙa ɗakin gwaji. A ce ana son haɗin ruwa na mililita 11, daga wani ruwa mililita 7 da wani mililita 4, kuma an ce kuskuren haɗin kada ya kai mililita 0.1. Idan mai awo ya yarda wa kansa kuskuren 0.1 a kowane ruwa, yana iya yin sa'a ɗaya ya yi yawa ɗaya ya gaza, su share juna. Amma yana iya rashin sa'a duka biyun su yi yawa, kuskuren ya doshi 0.2. Wanda ba ya son dogaro da sa'a sai ya raba abin da aka yarje masa gida biyu, kowane awo ya sami 0.05. Dabarar hujjar ke nan gaba ɗayanta.

Ga hujjar. An ba mu ε > 0. Tun da ε/2 ma lamba ce da ta fi sifiri, alkawarin f ya shafe ta, saboda haka akwai δ₁ > 0 wadda idan 0 < |x − a| < δ₁, to |f(x) − L| < ε/2. Haka nan alkawarin g ya ba mu δ₂ > 0 wadda idan 0 < |x − a| < δ₂, to |g(x) − M| < ε/2. Sai mu ɗauki δ ta zama ƙaramar cikin δ₁ da δ₂, domin duk x da ya shiga cikin ƙaramar tazara ya riga ya shiga babbar, alkawuran biyu sun hau kansa lokaci guda. Ga irin wannan x:

|(f(x) + g(x)) − (L + M)| = |(f(x) − L) + (g(x) − M)|
≤ |f(x) − L| + |g(x) − M|
< ε/2 + ε/2 = ε.

Layi na farko sake jera lambobi ne kawai. Layi na biyu shi ne abin da ake kira ƙa'idar alwatika, wadda ta ce girman jimlar lambobi biyu ba ya wuce jimlar girmansu. Ita ce maganar mai awon nan, cewa mafi munin abin da zai faru shi ne kurakuran biyu su taru a gefe ɗaya. Layi na uku kuwa cika alkawari ne. Hujja ta ƙare.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka mu saka lambobi. Mu ɗauki f(x) = 3x + 1 da g(x) = x², x yana kusantar 2. Iyakar f ita ce 7, ta g ita ce 4, muna sa ran jimla 11. An ba mu ε = 0.1, rabinta 0.05. Ga f, nisan |f(x) − 7| daidai yake da 3|x − 2|, don haka δ₁ ita ce 0.05/3, wajen 0.0167. Ga g, nisan |x² − 4| shi ne |x − 2| sau |x + 2|. Muddin x yana tsakanin 1 da 3, to |x + 2| bai kai 5 ba, don haka δ₂ = 0.05/5 = 0.01 ta wadatar. Ƙaramar cikinsu ita ce 0.01. Mu jarraba x = 2.009: f ta ba da 7.027, g ta ba da 4.036, jimla 11.063. Nisanta da 11 bai kai 0.1 ba. Alkawari ya cika.

Amfanin wannan misali ya fi fitowa idan muka ɓata hujjar da gangan. Ɗalibin da ya ɗauki babbar delta, 0.0167, ya buɗe ƙofa ga x = 2.016. A nan f ta ba da 7.048, g ta ba da 4.064, jimla 11.112, ta tsallake shinge. Wanda kuma ya manta da raba efsilon zai sami δ₁ wajen 0.033 da δ₂ = 0.02, ya ɗauki 0.02. Sai x = 2.019 ya ba shi 7.057 da 4.076, jimla 11.133. Kowane fankishin ya tsaya cikin 0.1 nasa, amma jimlar ta fita. Ashe rabawar nan da ɗaukar ƙaramar delta ba ado ba ne, kowannensu akwai ɓarnar da yake tarewa, kuma ɗalibi zai iya ganin ɓarnar da na'urar lissafi cikin minti biyar.

Na san abin da wasu abokan aiki za su ce. Zangon karatu gajere ne, ajin shekarar farko cike yake maƙil, kuma mai nazarin tsirrai ko kifi ba zai taɓa rubuta efsilon a aikinsa ba. Za su ƙara da cewa Newton da Leibniz sun ƙago kalkulas a ƙarni na 17, aka yi ta aiki da shi fiye da shekara ɗari kafin wannan ta'arifi ya zo. Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, kuma ba na cewa a tilasta wa ɗalibin ilmin halittu hujjar kowace doka. Hujjar dokar ninkawa, alal misali, ta fi wuya, a bar wa 'yan sashen lissafi. Amma dokar jimla ita ce mafi arha, layi uku ne, kuma a kanta aikinmu yake zaune. Saurin girma iyaka ce. Duk lokacin da muka ce saurin ƙaruwar nauyin kifin da ke cikin tafki shi ne saurin na tarwaɗa a tara da na ƙarfasa, dokar jimla muka hau, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Babban dalilina kuwa shi ne hujja ce kaɗai take nuna inda doka ta tsaya. Wanda ya bi layukan nan ya ga cewa δ₁ da δ₂ sun fito ne daga alkawuran f da g, don haka idan ɗayansu ba ta da iyaka, dokar ba ta da bakin magana. Dubi f(x) = 1/x da g(x) = −1/x a kusa da sifiri. Jimlarsu sifiri ce a ko'ina ban da kan sifirin kansa, don haka iyakarta sifiri ce, alhali ko ɗaya daga cikinsu ba ta da iyaka a wurin. Watau dokar ba ta juyuwa: samun iyakar jimla bai nuna kowane ɓangare yana da tasa ba. Mai hadda ba shi da hanyar sanin wannan.

Akwai wani shinge na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan fankishin uku ne, sai a raba efsilon gida uku. Idan ɗari ne, gida ɗari, a ɗauki mafi ƙanƙantar delta cikin ɗarin. Amma idan ba su da adadi fa? Deltoci irin su 1, 1/2, 1/3, 1/4, har abada, ba su da ƙarama, sai gangarowa suke yi zuwa sifiri, delta kuwa dole ta fi sifiri. A nan hujjar ta karye, kuma tarihi ya nuna ramin na gaske ne. Augustin-Louis Cauchy, wanda littafinsa na 1821 yana cikin tubalan wannan fanni, ya rubuta a cikinsa cewa jimlar fankishin marasa adadi, waɗanda kowannensu ba ya tsinkewa, ita ma ba ta tsinkewa muddin jimlar tana tsayawa a kan wata lamba. A 1826 Niels Henrik Abel ya nuna akwai misalan da suka saɓa wa haka. Sai daga baya, musamman a darussan Karl Weierstrass a Berlin, aka daidaita sharaɗin da ya toshe ramin. Inda Cauchy ya yi tuntuɓe, ɗan shekarar farko ba zai tsallake da hadda ba.

Shawarata ga masu koyar da wannan darasi ƙarama ce. A ware awa ɗaya. A fara da mililita 7 da 4, a bar ɗalibai su gano rabawar da kansu. A rubuta hujjar, sannan a ba su efsilon a lamba su nemo delta. Daga ƙarshe a sa su ɗauki babbar delta, su farauto x da zai karya alkawarin. Wanda ya samo 2.016 da hannunsa ba sai an sake tuna masa dalilin ɗaukar ƙaramar ba, domin gani ya kori ji.