PDF Ba Hoto Ba Ne: Duba Font Ɗinka Kafin Ka Zargi Mai Firinta

Kwanakin baya ƙanena, wanda shi ne sakataren wata ƙungiyar matasa manoma a ƙauyenmu da ke kusa da garin Dawakin Tofa, ya dawo gida ransa a ɓace. Takardar neman tallafin taki ya kai wani shago a Dawanau aka buga masa kwafi talatin. Da ya duba sai ya ga kan takardar ya zama "{ungiyar Matasa Manoma", duk inda aka rubuta ƙasa ya koma "}asa", ɗaya ya koma "]aya". Takardar da aka tsara shafi biyu ta zama uku, wurin sa hannun shugaba ya tsallaka shafi na uku shi kaɗai. Ya ce min, "Yaya, ai PDF na kai masa, wallahi firintarsa ce ta lalata."

Firinta ba ta da laifi. Ra'ayina shi ne, kusan duk lokacin da PDF ya lalace a na'urar wani, an riga an yi kuskuren tun a hannun wanda ya haɗa fayil ɗin, kuma shi ne ya kamata ya duba kafin ya tura. Dubawar ba ta kai minti biyu ba.

Yawancinmu muna ɗaukar PDF kamar hoton takarda. A gaskiya umarni ne a cikinsa: a daidai wannan wuri na shafi, zana harafi mai lamba kaza, da girma kaza, da salon haruffa mai suna kaza. Wannan salon haruffan shi ake kira font, kuma fayil ne mai zaman kansa wanda ke ɗauke da zanen kowane harafi da faɗinsa. PDF yana iya ɗauko zanen ya ajiye a cikinsa, wato a cusa font, abin da za ka ga an rubuta Embedded a allo. Yana kuma iya ambaton sunan font ɗin kawai, ya bar wa na'urar da za ta buɗe shi ta nemo. Kamar a gayyace ka gayya ne: ko ka tafi da fartanyarka, ko ka tafi hannu rabbana kana fatan samun irinta a can.

Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, lokacin da wurin ajiya yake da tsada. Shi ya sa aka ware font 14, daga dangin Times, Helvetica da Courier tare da Symbol da ZapfDingbats, waɗanda ake sa ran kowace manhajar karanta PDF tana da su ko makwafinsu. Duk wani font da ba ya cikin waɗannan, in ba a cusa shi ba, sai abin da na'urar ta samu. Wayar Android tana zuwa da Roboto da dangin Noto, ba ta zuwa da Calibri ko Times New Roman na Windows. In ta rasa wanda aka ambata, sai ta ɗauko wanda take ganin ya yi kama.

Mu masu rubutu da Hausa abin ya fi shafarmu saboda haruffa masu ƙugiya. A shekarun 1990, kafin font ɗin kwamfuta su wadatu da ƙ da ɗ da ɓ, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro font na Hausa, waɗanda aka fi sani da Rabi'at da Abdalla. Sun fitar da marubuta da maɗaba'u kunya sosai. Dabarar ita ce an ari gurbin alamomin da ba a cika amfani da su ba: ka danna } ka ga ƙ, ka danna ] ka ga ɗ, ka danna ~ ka ga ɓ. A ido ƙ ne, amma a cikin fayil lambar } aka ajiye. Da zarar font ɗin ya ɓace, alamar asali za ta bayyana. Har yau akwai masu buga takardu da ke aiki da su, kuma mai bugun da ya yi wa ƙanena aiki yana cikinsu.

Da muka bi diddigi, sai muka ga kurakurai biyu ne, kuma kowanne da alamarsa.

Na farko, mai bugun fayil ɗin Word ya turo wa ƙanena ta WhatsApp, shi kuma ya mayar da shi PDF a wayarsa. Fayil ɗin Word bai tsaida wurin kowane layi ba, duk na'urar da ta buɗe shi sai ta sake lissafin inda layi zai karye gwargwadon faɗin haruffan da take da su. Wayar ba ta da font ɗin mai bugun, sai ta sa wani mai ɗan faɗi. Layin da yake ɗaukar kalma goma sha uku ya koma ɗaukar goma sha biyu, aka samu ƙarin layuka, sa hannu ya faɗa shafi na uku. Daga nan PDF ya daskarar da wannan kuskuren. Abin dariyar ma, akwai font a cushe a cikin wannan PDF ɗin, sai dai na aro ne. Don haka in ka ga adadin shafuka ya canja, ka san ɓarnar ta faru kafin a haifi PDF.

Na biyu ya zo ne da muka ce mai bugun ya haɗa PDF da kansa. Ya yi da wata tsohuwar manhaja da ba ta cusa font ɗin ba. A kwamfutarsa komai daidai, tunda font ɗin yana nan zaune a cikinta. A wayata shafuka biyu ne cif, sa hannu yana inda aka sa shi, amma "}asa" na nan, wasu haruffan sun cunkushe, wasu kuma sun bar giɓi. Dalili shi ne PDF ya ajiye wurin kowane layi da faɗin haruffan asali, sai aka zuba haruffan aro a gurbin da ba nasu ba. Wannan ita ce alamar rashin cusa font: shafi bai motsa ba, amma rubutu ya sauya kama, ko ka ga ƙananan akwatuna a madadin haruffa. Kuma wannan ne ya sa duba fayil a kwamfutar da ta haɗa shi ba ya tabbatar da komai.

Akwai abu na uku da ke ruɗa mutane, wanda ba ruwansa da font. In shafin gaba ɗaya ya ƙanƙance ko ƙasansa ya yanke wajen bugawa, duba girman takarda. Mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite kan Letter ta Amurka, wadda ta fi faɗi kaɗan kuma ta fi gajarta.

To yaya ake dubawa? A kwamfuta, buɗe fayil ɗin da Adobe Acrobat Reader, danna Ctrl+D, ka shiga Fonts. Kowane font ya kamata ka ga Embedded ko Embedded Subset a gabansa. Na biyun yana nufin haruffan da aka yi amfani da su kaɗai aka cusa, wanda ya isa ga karatu da bugawa, fayil kuma ba ya nauyi. Duk wanda babu ɗaya daga cikin biyun a gabansa, shi ne zai ba ka kunya. Masu Linux, ko masu Termux a waya da suka girka poppler, za su iya rubuta wannan:

```
pdffonts takarda.pdf
```

Ka duba ƙarƙashin emb, in ka ga no, ba a cusa ba. In waya kawai gare ka, tura fayil ɗin zuwa wata wayar daban, ka nemi kalma mai ƙ, ka ƙirga shafuka.

Gyaran da muka yi shi ne, mai bugun ya danna Ctrl+H a Word ya musanya kowace alama da harafinta na Unicode: } zuwa ƙ, { zuwa Ƙ, ] zuwa ɗ, [ zuwa Ɗ, ~ zuwa ɓ. Ya mayar da rubutun kan Charis SIL, font na kyauta da ke da haruffanmu, ya daidaita shafukan. Sannan ya shiga Save As, ya zaɓi PDF, ya danna Options, ya sa alama a kan PDF/A compliant. PDF/A tsari ne na adana takardu na dogon lokaci da ya fito a 2005, kuma ƙa'idarsa ta wajabta cusa kowane font. Fayil ɗin ya buɗe iri ɗaya a wayata, a wayar ƙanena, da kwamfutar shagon Dawanau.

Wani zai ce, me ya sa ba a cusa tsohon font ɗin kawai an huta ba? Da an yi haka takardar za ta fito daidai a ido. Amma cusawa zane take adanawa, ba ta canja lambar da ke ƙarƙashi. Wanda ya nemi kalmar "ƙungiya" a cikin fayil ɗin ba zai same ta ba, wanda ya kwafi sakin layi zuwa WhatsApp kuma "}ungiya" zai gani. Akwai wasu iyakokin. Wasu font ɗin lasisinsu ya hana a cusa su, a nan Word kan mayar da rubutun hoto ko a sauya shi da wani. Wasu font na ado da ake yi wa katin biki ba su da ƙ ko alamar ₦ tun asali, kuma ba a cusa abin da babu. Kafin ka zaɓi font, rubuta ƙ ɗ ɓ ₦ da shi ka ga ko sun yi kama da sauran haruffan.

Wani kuma zai ce ya fi sauƙi a ɗauki hoton allo a tura. Ga sanarwar da za a gani a waya a wuce, babu laifi. Ga takardar da za a buga a kai ofis, ban yarda ba. Hoton allo yana dusashewa a kan A4, musamman in WhatsApp ya matse shi, kuma ba a iya neman kalma ko kwafe lamba a ciki. Batun data ma ba hujja ba ce, don takarda mai shafi biyu da font a cushe sau da yawa ba ta kai nauyin hoto ɗaya na kyamarar wayarka ba.

Saboda haka, in ka ba da aikin bugu, kada ka karɓi fayil ɗin Word kaɗai. Ka ce a haɗa maka PDF a kan kwamfutar da aka yi rubutun, a danna Ctrl+D a gabanka ka ga Embedded, sannan ka buɗe a wayarka kafin ka bar shagon. A wurin bugawa kuma, a fara fitar da kwafi ɗaya ka karanta. Ƙanena kuɗin kwafi talatin ya biya kafin ya koyi wannan, kuma daga aljihunsa, don ma'ajin ƙungiya ya ce ba zai biya sau biyu ba.