Zuwa ga ɗalibaina na ilimin sinadaran jiki, kafin jarrabawa

Birnin Kebbi

Na ga ya wajaba in yi muku nasiha a kan mas'alar da ta fi kayar da ɗalibai, wato yadda jiki ke daidaita sarrafa abinci, domin sau da yawa nakan karanta takardar wanda ya haddace matakai goman nan na rushe gulukos, bai bar ko harafi ba, amma da aka tambaye shi wa ke buɗe hanyar, wa ke rufe ta, sai alƙalaminsa ya tsaya.

A ƙaddara an ce ku bayyana halin mai azumi da la'asar sakaliya. Kafin komai ku ambaci gaɓar da kuke nufi, domin hukuncin hanta dabam yake da na tsoka. Ku ce sukarin jini ya nufi ƙasa, wajen milimol 4 a lita, insulin ya ragu, gulukagon ya ƙaru. Gulukagon kuwa idan ya isa hanta sai cAMP ya yawaita, ya tayar da PKA, wanda ke liƙa fosfet a jikin PFK-2, ya juya aikinsa daga ƙera F-2,6-BP zuwa rushe shi. Wannan sinadari, da Van Schaftingen da Hers suka gano a Beljiyam a 1980, shi ne ke zaburar da PFK-1 kuma yake danne FBPase-1. Saboda haka idan ya ƙaranta, hanta takan daina ƙona gulukos ta koma ƙera shi. Sa'an nan ku faɗi hikimar: ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini ake tanada wa. Jawabin da ya kawo hukunci ba tare da illarsa ba, rabin maki nake ba shi, kuma raina ba ya so.

Idan aka sauya tambayar aka kawo masunci a Matan Fada, ranar gasar kamun kifi ta Argungu, yana kokawa da giwan ruwa a cikin homa, to kada ku ambaci gulukagon, domin tsokar gaɓoɓi ba ta jin kiransa. A nan adarenalin ne da kalsiyam da AMP ke buɗe rumbun gilaikojin. Kuskuren da ya fi damuna shi ne a rubuta cewa tsoka tana zuba gulukos cikin jini; alhali kuwa, ko da yake ajiyarta ta kai kimanin giram 400, ta hanta kuwa kimanin 100, ba ta da G6Pase, inzayim ɗin da ke cire fosfet ya saki gulukos. Abin da take aikawa laktet ne, hanta ta mayar da shi gulukos, shi ne zagayen Cori. Ku zana shi da kibiyoyi, ku rubuta cewa tsoka ta samu ATP 2, hanta ta biya 6.

Allah ya ba da sa'a. Wassalam.

Malaminku